Hazo a Hoton Juma'a

Hoton ƙarshe da yayana Ƙasimu ya aika gida, ba a ganin fuskarsa sosai. Ya ɗauke shi da hannunsa ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, a ƙofar ɗakinmu da ke Agege, a Ikko. Hularsa ta fito, farar rigarsa ta fito, amma fuskar kamar an hura mata hayaƙi, ga wani farin haske ya zagaye kansa. Ranar Litinin wata motar albasa ta ƙwace a kasuwar Mile 12, inda yake sana'a, ta matse shi da bango. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Inna tana Malumfashi, ba ta ga gawa ba, ba ta ga kabari ba. Wannan hoton kawai ta gani, kuma shekara biyu ke nan tana kallonsa a wayar ƙanwata Firdausi.

Ƙasimu ne ya kawo ni Ikko karatu. Da ya rasu na gaji ɗakin, na gaji katifar, na kuma gaji dokar Inna: duk Juma'a a aika mata hoto, ta ga ɗanta da idonta. Muryar waya ba ta isarta, wai ai mutum yana iya cewa lafiya lau yana kwance. Tsohuwar wayata kyamarar gabanta ta mutu tun tuni, don haka sai in roƙi wani a bakin masallaci ya ɗauke ni. A haka muka yi ta tafiya ba wata matsala, har na shiga shekarar ƙarshe a makarantar kimiyya da fasaha, na yi aikin hutu, na sayi sabuwar waya.

Ba zan ɓoye ba, na yi rawar kai da wayar nan. Dal take daga kwali, ni na ɓare ledarta da hannuna. Ranar da na kawo ta gida, Juma'a ce, na kira Inna muka yi kusan awa guda, wayar manne da kuncina, ina ta zuba mata labarin abin da ba ta tambaya ba. Da muka gama na gyara hula, na tsaya a ƙofar ɗaki, na miƙa hannu na ɗauki kaina. Ban ma tsaya dubawa ba na tura wa Firdausi.

Ko minti biyar ba a yi ba ta kira.

"Yaya Ridwanu, me ka turo mana?"

"Hoto mana. Ko kin ga kyau ne kin rikice?"

"Inna ta ajiye wayar ta shige ɗaki. Ka duba abin da ka turo."

Na duba. Hulata ta fito, rigata ta fito. Fuskata kuwa tana can bayan wani farin hazo, idanuna kamar na wanda ake hange ta cikin labule, hasken da ke shigowa ta bakin zaure ya narke ya zagaye kaina. Ƙofar ita ce dai ƙofar. Na san hoton nan, na san shi tun kafin in ɗauke shi. Sai na zauna a dokin ƙofa.

Ni ɗan boko ne, kuma injiniyanci nake karanta, saboda haka na yi abin da ɗan boko yake yi idan ya tsorata: na shiga danne-danne. Na kashe wayar na kunna. Na shiga saitin kyamara na cire duk wani abin gyaran fata da suke cusawa. Na duba ko akwai sauran leda a fuskar wayar, babu. Na juya kyamarar baya na ɗauki bokitin wanka, ya fito tar, har tsagar da ke gefensa. Na ɗauki akuyar masu gida, ana iya ƙirga gashin gemunta. Na juyo da kyamarar gaba kaina, hazo ya dawo. Duk abin da ke cikin gidan nan wayar tana ganinsa, ni kaɗai ne ba ta gani.

Da yamma Inna ta kira da kanta. Ba ta ambaci hoton ba. Ba ta taɓa kiran sunan Ƙasimu ba ko da yana raye, ɗan fari ne, sai dai ta ce "yayanka".

"Man da na aiko maka yana nan?"

"Yana nan, Inna."

"Kana shafawa?"

"Wani lokaci."

"Daga yau safe da yamma. Fuska da goshi da bayan kunne. Kada ka fita ba ka shafa ba."

Man zaitun ne a 'yar kwalba, wanda take yi wa tofi da bakinta bayan sallar asuba, ta ba direbobin motocin kaya su kawo mana. Da can sai in manta da shi a kan taga har ya yi wata. A wannan makon kuwa na riƙe shi hannu bibbiyu. Ina fita fuskata na ƙyalli kamar ƙosai, 'yan ajinmu na tsokanata wai ko talla zan yi. Inna kuma ta koma kira sau uku a rana, wani lokaci sau huɗu. Ba ta da abin faɗa. Sai ta ce in yi ta magana ita dai tana ji, ni kuma in manna waya a kunci in yi ta ba ta labarin motocin danfo da ruwan sama.

Juma'a ta biyu hoton ya fi na farko muni. Na sa babban yatsa na murza saman wayar da kyau, na sake ɗauka. Sai hasken ya tashi daga zagaye ya koma dogayen layuka, sun ratsa fuskata daga goshi zuwa haɓa kamar an soke ni da alƙalami. Wannan ban tura shi ba. Na roƙi wani abokin karatuna ya ɗauke ni da tasa wayar, ya fito garau, na tura.

Inna ta ce, "Wannan wani ne ya ɗauke ka. Na yayanka da hannunsa ya ɗauka. Ka turo wanda ka ɗauka da hannunka."

Na tura mata.

Tun daga ranar na fara jin ɗakin ya canza mini. Ƙusar da Ƙasimu yake rataye riga tana nan, jakarsa tana saman akwati inda na ajiye ta ban ƙara buɗewa ba. Da rana tsaka, idan gidan ya yi tsit, yara sun tafi makaranta, sai jirgin ƙasa ya wuce ta bayan unguwa, taga ta ɗauki rawa, in ji kamar an tsaya a bayana ana jira in juyo. Na daina bin gefen manyan motoci. In na ga tirela a kan titin Abeokuta sai in tsaya cak har ta ɓace, masu okada na zagina. Na san an hana mu camfi, na san ajali ba ya aiko da hoto. Ina faɗa wa kaina haka a cikin sujada, in na sallame kuma in ɗauko wayar in leƙa, in ga mutumin nan na cikin hazo yana kallona. Tsoro nake ji, tsoro na gaske, irin wanda ban ji ba ko ranar da muka ɗauki makara.

Ran Laraba Inna ta yanke hukunci.

"Ka haɗa kayanka. Akwai motar da za ta taso ranar Asabar, na sa an yi wa direban magana."

"Inna, jarrabawar ƙarshe saura kwana goma sha biyu. In ban zauna ba shekarar nan ta tafi."

"Ta tafi ɗin. Na ba garin nan ɗaya, ban ga ko ƙafarsa ba. Ba zan ba shi na biyu ba. In ma abin zai zo, ya same ka a gabana."

Ban taɓa yi mata musu ba, kuma ba a ranar zan fara ba. Abin kunyar ma shi ne wani ɓangare na zuciyata ya ji daɗi. Shekara huɗu na wahala, da gumin Ƙasimu da nawa, na ga zan iya barinsu a kan katifa in gudu.

Ranar Juma'a da safe na fito da littattafaina tsakar gida ina ɗaure su a kwali. Gidanmu irin na hayar Ikko ne, ɗakuna na kallon juna, kowa ya san abin da kowa ya dafa. Ɗakin da ke kallon nawa na Anti Laila ne. A Agege aka haife ta, a nan aka haifi kakanta, Yarabanci a bakinta kamar ruwa, kuma ba ta iya ganin abu ta yi shiru. Mayafai da atamfofi take sayarwa ta waya. Kullum da hantsi za ka gan ta ta shimfiɗa farin zane a inda rana ba ta bugawa kai tsaye, tana jera kaya tana ɗaukar hoto.

"Ɗan makaranta, ina zuwa da kwali? Ko an kore ka ne?"

"Gida za ni, Anti."

"Gida? Ana saura kwana nawa jarrabawa? Abeg, matso nan ka faɗa min gaskiya. Sati biyu ke nan ina ganinka kana tafiya kamar wanda aka zare wa laka."

Ban yi niyyar faɗa ba. Amma ita ce ta dafa abincin sadakar uku ta Ƙasimu, ita ta riƙe ni a zauren nan ranar da aka kawo labari. Na buɗe hoton Ƙasimu na miƙa mata, sannan na nuna mata nawa guda biyu. Ta daɗe tana kallon nasa. Ta ce Allah ya jiƙansa, a hankali, ba da muryarta ta kullum ba. Sannan ta dubi nawa, ta ɗago ta dubi fuskata, ta sake duban wayar.

"Kashe fuskar wayar."

Na kashe, ta yi baƙi.

"Zo nan bakin haske. Karkata ta. A'a, ba haka ba, kwantar da ita kamar za ka leƙa ƙasan faranti. Yauwa. Dubi can sama, kusa da inda kake jin magana. Ka ga ɗan zagayen nan?"

Na gani. Ɗan ƙaramin idon kyamara, bai kai ƙwayar gero uku ba. A kansa da kewayensa akwai wani shafi mai kauri yana ɗaukar ido, launi-launi kamar man da ya zuba a kwata, ga sawun babban yatsana kwance a tsakiya.

"Mene ne wannan?" ta tambaye ni.

"Maiƙo ne."

"Maiƙon wa?"

Ta sa yatsa ta dangwali goshina ta nuna mini.

"Oga injiniya! Kana shafa mai kamar za a gasa ka, ka manna waya a kunci awa guda, sannan ka ce ta gan ka? Idon gaban a nan yake, daidai inda fatarka take gogawa. Na bayan ba ya taɓa fuskarka, shi ya sa akuya ta fi ka kyau. Haske in ya bi ta cikin maiƙo watsewa yake yi, shi ne hazon. Ka goge da yatsa, ko?"

"Na goge."

"Da yatsan da ka shafa mai. Ai ba gogewa ka yi ba, ja ka yi, shi ya ba ka layukan nan. Ni da nake cin abinci da hoto, kafin in ɗauki ko ɗankwali sai na goge. In ban goge ba, jan atamfa ya fito kamar an wanke shi sau goma, wa zai saya?"

Ta jawo wani ɗan ƙyalle daga jakarta, tsohuwar farar auduga mai laushi da ta sha wanki. Ta kai wayar bakinta ta huro mata tururi sau ɗaya, ta goge a zagaye, ta juya busasshen gefen ƙyallen ta sake gogewa. Ta karkata ta a haske ta duba, ta ƙara sau ɗaya.

"Ban da gefen rigar da ka yi gumi a ciki, ban da omo, ban da duk abin da zai karce gilashi. Oya, ɗauka."

Na ɗaga wayar. Sai ga ni. Ga ƙurjin da ke gefen hancina, ga zaren da ya fito a bakin hulata, ga idanuna sun yi zuru-zuru. Na rame ƙwarai, ashe. Na tsaya ina kallon kaina, dariya na so ta zo, kuka na so ya zo, aka rasa mai fitowa. Mako biyu ina shirin mutuwa saboda abin da ƙyalle ya share a numfashi ɗaya.

Anti Laila ta koma kan mayafanta tana mita da Yarabanci. Har na juya sai ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Shi ma marigayi haka yake fita yana ƙyalli. Kullum waya a kunne, yana *to Inna, to Inna*."

Na shiga ɗaki na sauko da jakar Ƙasimu. Wayarsa tana ciki, naɗe a hularsa, yadda abokan sana'arsa suka kawo mini ita. Gindinta ya tsage, batirin ya mutu tun shekara biyu. Na kai ta bakin taga na kwantar da ita a haske kamar yadda aka koya mini. Yana nan. Ya bushe, ya dushe, ƙura ta ɗan kama shi, amma yana nan: shafin mai a kan idon kyamara, da wani faffaɗan tabo a ƙasansa inda kuncinsa yake kwanciya. Ƙyallen da Anti Laila ta ara mini yana hannuna na dama. Na daɗe a tsaye a wurin, har jirgi ya zo ya wuce, taga ta yi rawarta ta gama.

Bayan an sauko Juma'a na tsaya a ƙofar ɗaki, na goge wayata, na ɗauki kaina da hannuna, na tura. Sannan na kira, na sa a lasifika, na riƙe wayar nesa da fuskata.

"Na gani," in ji Inna. "Ka rame. Wa ya ɗauke ka?"

"Ni ne, Inna. Da hannuna."

"To ina abin ya tafi?"

Na yi mata bayani dalla-dalla. Na faɗi inda idon kyamara yake, na faɗi yadda waya take gogar kunci, na faɗi ƙyallen Anti Laila. Na yi ta kewaye-kewaye don kada in ambaci kwalbar, na ce maiƙon fuska ne kawai, kowa yana da shi. Amma Inna ba yarinya ba ce.

"Man da nake aikowa ne."

"Inna, ko ba shi ma..."

"Shi ma ina aika masa. Shi ba ya mantawa kamar kai, kullum sai ya shafa." Ina jin kaji a tsakar gidanmu, ina jin Firdausi tana cewa Inna zauna mana. "Shekara biyu ina kallon hoton nan ina cewa an nuna mini ban gane ba. Ina cewa da na ce ya taho gida a ranar. Ashe ba abin da aka nuna mini. Ashe ni na rufe masa fuska da hannuna."

"Ba rufewa kika yi ba, Inna. Na ɗauko wayarsa ɗazu na duba. Man yana nan a kai, har da sawun kuncinsa. Anti Laila ta ce kullum tana kunnensa, da ke yake magana."

Ban taɓa jin kukan Inna ba, ko a zaman makoki an ce ba ta yi a gaban mutane ba. Yanzu ma ba kuka na ji ba, numfashi ne kawai mai nauyi, yana fita yana komawa.

"Ka goge ta?"

"A'a."

"Kada ka goge." Ta ja numfashi. "Ka kwance kayanka, zan sa a gaya wa direban. Ka zauna ka rubuta abin da ya kai ka. In ka gama, ka naɗe ta a hular yadda ka same ta, kada komai ya taɓa wurin, ka taho mini da Ƙasimu."

Tunda aka haife ni, ranar na fara jin sunan a bakinta.